Yadda Za Ka Zaɓi *-ing* ko *to* Bayan Aikatau a Turanci, Mataki-mataki

Tambayar da ɗalibai da masu rubuta takardar neman aiki suka fi yi mini a kan Turanci ita ce wannan: idan aikatau biyu suka haɗu a jimla, ta yaya mutum zai san na biyun zai ɗauki *-ing* ne ko *to* za a sa masa a gaba? Me ya sa ake cewa *I enjoy reading* amma *I want to read*, alhali mu da Hausa "karatu" ɗin nan guda ce, ina jin daɗin karatu, ina son karatu? A littattafan makaranta za ka ga ana kiran mai *-ing* ɗin *gerund*, mai *to* kuma *infinitive*. Ka riƙe sunayen saboda jarrabawa, amma a nan zan riƙa cewa "mai *-ing*" da "mai *to*" don mu yi sauri.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana buƙatar littafin rubutu guda ɗaya, biro mai launi biyu, da ƙamus na masu koyon Turanci irin su Oxford Advanced Learner's Dictionary ko Cambridge Dictionary. Dukansu ana buɗe su kyauta a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe. Idan jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB ce a gabanka, ka haɗa da tsofaffin tambayoyin shekarun baya, domin a sashen cike gurbi ake yawan gwada wannan abu.

Mataki na 1: Nemo aikatau na farko

Mutane da yawa idan suka iso gurbin, kalmar da za su saka suke zuba wa ido. Aikatau na biyu kuwa ba shi da ta cewa. Na farko ne ke yanke hukunci. A jimlar *She refused ___ the money*, ba *collect* za ka tambaya ba, *refused* za ka tambaya, shi kuma *to* yake karɓa, don haka amsar ita ce *She refused to collect the money*. Idan ka cire *refused* ka sa *denied*, duk da cewa sauran jimlar ba ta motsa ba, sai ta koma *She denied collecting the money*.

Saboda haka, duk jimlar da ta zo maka, ka fara da ja wa aikatau na farko layi da jan biro. Lokacin da yake ciki ba ya canza komai. *Enjoy*, *enjoyed*, *will enjoy*, *has been enjoying*, duk *-ing* ne ke bin su.

Gargaɗi: wani lokaci ana raba aikatau na farko da gurbin da wata kalma. *They decided not ___*, ko *I want my brother ___*. Kada kalmar tsakiyar ta ɗauke maka hankali, ka koma baya har sai ka iske aikatau. Kuma *not* a gaban duka biyun yake zama: *They decided not to travel*, *He regrets not travelling*.

Mataki na 2: Tabbatar ko *to* ɗin da ke gabanka na gaske ne

Na sa wannan matakin da wuri ne da gangan, domin a nan masu ƙoƙari ma ke faɗuwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk aikatau da ya biyo bayan ƙananan kalmomin nan irin su *in*, *on*, *at*, *of*, *for*, *about*, *without*, *before*, *after*, to *-ing* zai ɗauka, babu togaciya. *He left without paying*. *She is good at sewing*. *Thank you for coming*. Haka ma aikatau masu wutsiya irin su *give up* da *put off*: *He gave up smoking*.

Matsalar ita ce *to* iri biyu ne. Akwai wanda ke manne da aikatau, kamar a *want to go*. Akwai kuma wanda ɗan gidan su *in* da *on* ne, wanda ke nufin "zuwa ga", shi kuma *-ing* ke bin sa kamar sauran 'yan uwansa. Shi ya sa jimlar da ake rufe wasiƙu da ita, *I look forward to hear from you*, kuskure ce, komai yawan waɗanda ka ga sun rubuta ta. Daidai shi ne *I look forward to hearing from you*.

Ga gwajin da zai raba maka su: ka sa suna bayan *to* ɗin ka ji ko jimlar ta zauna. *I look forward to the holiday* ta zauna daram, ke nan wannan *to* suna yake karɓa, don haka idan aikatau zai biyo shi sai ya sa rigar suna, wato *-ing*. Amma *I want to the holiday* ba magana ba ce, ke nan wannan *to* na aikatau ne. Ka gwada da *object to*, *be committed to*, *confess to* da *with a view to*, za ka ga duk suna karɓar suna, duk kuma *-ing* suke so.

Gargaɗi: *used to* fuska biyu gare shi. *I used to trek to school* na nufin a da nakan tafi makaranta a ƙasa, yanzu na daina. *I am used to trekking to school* na nufin na saba da zuwa a ƙasa, ba ya damuna. Alamar ita ce *am*, *is*, *are*, *was* ko *get* a gaban *used*. Da ka gan su, kuma sabo ake nufi, sai *-ing*.

Mataki na 3: Raba aikatau gida uku a littafinka

Idan babu wannan tarkon, sai ka dubi aikatau na farko ka ga gidan da ya fito. Ka ware shafi uku.

Shafi na farko na masu *-ing* kaɗai ne: *enjoy*, *finish*, *avoid*, *mind*, *suggest*, *deny*, *consider*, *keep*, *practise*, *risk*, *miss*, *postpone*, da *can't help*. Shafi na biyu na masu *to* kaɗai: *want*, *decide*, *hope*, *plan*, *agree*, *refuse*, *promise*, *expect*, *offer*, *manage*, *fail*, *pretend*, da *afford*. Shafi na uku na masu karɓar duka biyun, su ne za mu daɗe a kansu nan gaba.

Akwai wata alama da ke taimakawa, ko da yake ba doka ba ce. Yawancin masu *to* suna hangen gaba ne. Lokacin da kake so, ko fata, ko alkawari, ko shiri, aikin bai auku ba tukuna. Masu *-ing* kuwa sun fi karkata ga aikin da aka riga aka yi, ko ake cikin yi, ko aka san shi: ba ka gama abin da ba ka fara ba, kuma ba ka musun abin da ba a ce ka aikata ba. Wannan alamar za ta fisshe ka sau da yawa, amma tana da inda take karyewa. *Avoid*, *suggest* da *consider* duk maganar abin da bai faru ba suke yi, amma *-ing* suke ɗauka. Waɗannan ukun haddace su kawai za ka yi, kuma ka sa musu tauraro a littafinka.

Ni ban yarda da haddar jerin kalmomi tsurarsu ba. Kowace kalma ka rubuta ta da jimla guda da ta shafi rayuwarka: *I have finished washing the car*, *We can't afford to buy a new fridge*. Kunne ya fi riƙe *finished washing* a haɗe fiye da yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe "*finish* yana shafi na ɗaya".

Idan kalma ta zo maka wadda ba ta cikin littafinka, buɗe ƙamus ka wuce ma'anar, ka nemi tsarin da aka rubuta da baƙin rubutu. Za ka ga abu kamar *enjoy doing something* ko *want to do something*. Wannan layin shi ne amsarka. Idan ka ga tsari biyu a ƙarƙashin ma'anoni daban, kalmar ta shafi na uku ce.

Gargaɗi: kalmar "so" ta Hausa ta haɗa abin da Turanci ya raba. "Ina son tuƙi" na iya zama sha'awa ta kullum, *I enjoy driving*, ko buƙata ta yanzu, *I want to drive*. Kafin ka rubuta, ka juya jimlar a zuciyarka. Idan za ta iya komawa "ina so in tuƙa", to *want to* ne. Idan "ina jin daɗin tuƙi" ne, to *enjoy* da *-ing*.

Mataki na 4: Duba ko akwai mutum a tsakani

Mu muna cewa "ina so ka zo". Wanda ya ɗauko wannan ginin kai tsaye zai rubuta *I want that you come* ko *I want you should come*, kuma duka biyun Turanci ba ya karɓa. Ginin da yake karɓa shi ne aikatau, sai mutumin, sai *to*: *I want you to come*. Haka *ask*, *tell*, *advise*, *allow*, *encourage*, *remind* da *enable* suke: *She reminded me to call the driver*.

*Enable* na da nasa ciwon. A takardun ofis a Nijeriya ana yawan ganin *to enable him travel*. A daidaitaccen Turanci, wanda da shi ake maki a jarrabawa, sai an ce *to enable him to travel*. *Make* da *let* kuma akasin haka ne, ba sa son *to* ko kaɗan: *The teacher made us sweep the class*, *Let him go*. Sai dai idan aka juya jimlar *make* ta koma kan wanda aka yi wa, *to* na dawowa: *We were made to sweep the class*.

Gargaɗi: *suggest* ba ya cikin wannan sahun. Ba a cewa *He suggested me to wait*. Ko dai *He suggested waiting*, ko *He suggested that I wait*. *Allow* da *advise* kuma suna canzawa gwargwadon ko an ambaci mutum: *They don't allow parking here*, amma *They don't allow visitors to park here*.

Mataki na 5: Sallami waɗanda ma'anarsu ba ta canzawa

Kada ka ɓata lokaci a nan. *Begin*, *start* da *continue* suna karɓar kowanne ba tare da wani bambanci ba: *It started raining* da *It started to rain* abu ɗaya ne. Abin lura kawai shi ne ba a jera *-ing* biyu, don haka *It is starting to rain* ake cewa. *Like*, *love*, *hate* da *prefer* su ma kusan haka ne, amma da zarar *would* ya shigo gabansu, sai *to* kaɗai: *I would like to see the manager*.

Mataki na 6: *Stop*, tsakanin dainawa da tsayawa

A nan Hausa ta fi Turanci sauƙi, domin muna da kalmomi biyu inda su ke da ɗaya. *The driver stopped eating* na nufin direban ya daina cin abinci, ya tsame hannunsa. *The driver stopped to eat* na nufin ya tsaya don ya ci abinci, wato tuƙin ya dakatar, cin abincin kuma yanzu zai fara. A jimla ta farko cin abincin ne ya ƙare. A ta biyu wani abu daban ne ya ƙare, kuma sau da yawa ba a ma ambace shi ba.

Hanyar aiki ita ce ka faɗi jimlar da Hausa tukuna. Idan "daina" ko "bari" ya fito daga bakinka, sa *-ing*. Idan "tsaya don" ya fito, sa *to*. Akwai gwaji na biyu na tabbatarwa: ka maye *to* da *in order to*. *He stopped in order to buy fuel* ta yi ma'ana, ke nan *stopped to buy* daidai ne. Dalili kuwa shi ne wannan *to* ɗin ba na *stop* ba ne, na bayyana dalili ne, irin wanda ke cikin *He came to buy fuel*.

Kuskuren kusan kullum ta gefe ɗaya yake zuwa, wato a sa *to* inda ake nufin dainawa. Malamin da ya rubuta wa iyaye *Your son has stopped to come to school* yana so ya ce yaron ya daina zuwa makaranta, amma abin da ya rubuta ya fi kusa da cewa yaron ya dakata da wani abu don ya zo makaranta. Ya kamata ya rubuta *has stopped coming*. Mafi muni shi ne na asibiti. Majiyyacin da ya ce wa likita *I stopped to take the medicine* ya gaya masa ya tsaya ya sha maganin ne, alhali yana nufin ya daina sha. Irin wannan ba maganar maki ba ce kuma.

Gargaɗi: idan hana wani ake nufi, ginin shi ne *stop* da mutumin da *from* da *-ing*: *The rain stopped us from going out*. Kada ka rubuta *stopped us to go out*.

Mataki na 7: *Remember*, *forget* da *regret*, wanne ya riga wanne?

Waɗannan ukun tambaya ɗaya ke warware su: tsakanin tunawar da aikin, wanne ya fara aukuwa?

Ɗauki mai shago da kulle ƙofarsa. *I remembered to lock the shop*: tunawa ta fara zuwa, sannan ya kulle. Aiki ne da ke wuyansa, bai manta da shi ba, ya yi shi. *I remember locking the shop*: kullewar ta riga ta wuce, yanzu kuma hotonta ne yake gani a zuciyarsa, yana tuna sanda ya murɗa makullin ya ji ƙarar kwaɗon. Idan tunawa ce ta riga aiki, *to*. Idan aiki ne ya riga tunawa, *-ing*.

Ka lura da inda kowacce ke amfani. Idan aka wayi gari an ga shagon a buɗe, maigida ya tsare yaronsa da tambaya, yaron zai kare kansa da *I remember locking it*, wato ina tune sarai na kulle shi. Idan kuwa maigidan ne zai fita da yamma yana ba da sallahu, *Remember to lock the shop* zai ce. Duk umarni da tunatarwa *to* suke ɗauka, domin aikin yana gaba.

Gargaɗi: wasu suna koyar da wannan da cewa *-ing* na abin da ya wuce ne, *to* na abin da zai zo. Wannan taƙaitawar tana ɓatar da mutum. A jimlar *Yesterday I remembered to lock the shop* komai jiya ya faru, amma *to* ne a ciki. Ba da yau ake auna gaba da baya ba, da lokacin tunawar ake aunawa.

*Forget* haka yake bi, sai dai sakamakonsa ya fi nauyi. *I forgot to pay the tailor* na nufin ba a biya telan ba, kuɗin na nan a aljihu. Mai *-ing* ɗinsa kuwa ba kasafai ake jin sa ba sai a gini irin *I will never forget seeing the Kaaba for the first time*, wato abu ya faru kuma ba zai goge a zuciya ba. Idan kana so ka ce ka biya amma ka manta ka biya, shawarata ka kauce wa *forgot paying*, ka ce *I forgot that I had paid the tailor*. Ta fi fita sarai, kuma babu mai yi mata fahimta biyu.

*Regret* da *-ing* nadama ce ta gaske a kan abin da aka aikata: *I regret selling my farm*. *Regret* da *to* kuwa kusan a wasiƙun hukuma kaɗai yake rayuwa, tare da *inform*, *say*, *tell* ko *announce*, kuma share fagen mummunan labari ne. Duk wanda ya taɓa neman aiki ya ga wasiƙa ta fara da *We regret to inform you* ya san ba sai ya karanta sauran ba.

Mataki na 8: *Try* da sauran ƙanana

*Try to* ƙoƙari ne, *try* da *-ing* gwadawa ce. *I tried to start the generator* na nufin na yi ta jan igiya, kuma mai sauraro zai ɗauka bai tashi ba. Abin da ke da wuya shi ne aikin kansa. Makaniken da ya amsa da *Try changing the plug* ba yana cewa canza fulogi na da wuya ba ne. Yana cewa ne ka gwada wannan dabarar ka ga ko za ta yi. Za ka iya haɗa su a magana ɗaya ka ji bambancin: *I tried to start the generator. I tried changing the plug, I tried adding oil, but nothing worked*. Na farkon shi ne burin, sauran biyun hanyoyin da aka bi ne, kuma an canza fulogin da gaske, an zuba man da gaske.

Saura uku, a gurguje. *Go on talking* ci gaba ne da maganar da ake yi, *go on to talk about fees* kuwa an gama wani batu ne an shiga na kuɗin makaranta. *I meant to call you* niyya ce, na yi nufin kiran ka, amma *The new job means moving to Kaduna* na nufin aikin zai jawo ƙaura. *Need* da *-ing* kuma na nuna abin da ke buƙatar a yi masa aiki: *The car needs washing* daidai yake da *The car needs to be washed*, ba kuskure ba ne kamar yadda wasu ke zato.

Mataki na 9: Gwada matakan a kan rubutu na gaske

Ga irin saƙon da ma'aikaci zai tura wa shugabansa bayan ya makara, na shirya shi da kurakuran da aka saba gani:

*Sir, I regret informing you that I came late today. My car stopped to work on the way, and I tried calling you but there was no network. I also forgot sending the report yesterday. I promise submitting it before noon. Please allow me explain. I look forward to see you.*

Mu bi shi jimla-jimla. Aikatau na farko *regret* ne, kuma sanarwar yanzu ake yin ta, ba nadamar wata tsohuwar sanarwa ba ce, don haka *regret to inform*. Motar dainawa ta yi, ba tsayawa don ta yi aiki ba, gwajin *in order to work* ma dariya zai ba ka, ke nan *stopped working*.

*Tried calling* ita ce mai buƙatar natsuwa. Ba za a ce kuskure ce ƙarara ba, masu harshen suna faɗin haka a hira. Amma abin da mutumin ke son nunawa shi ne ya yi ƙoƙari kiran bai shiga ba, kuma *tried to call* ce ta fi ɗaukar wannan ma'anar. A jarrabawa, idan ka ga *but* da dalilin gazawar aikin kansa sun biyo baya, ka karkata ga *to*.

Rahoton ba a tura shi ba, tunda ga shi yana alkawarin kawowa, don haka *forgot to send*. *Promise* ɗan shafi na biyu ne, *promise to submit*. *Allow* na da mutum a tsakani, *allow me to explain*, ko kuma ya ce *let me explain* ba tare da *to* ba. Ta ƙarshe kuma gwajin suna ya riga ya warware ta. Ga yadda saƙon zai koma:

*Sir, I regret to inform you that I came late today. My car stopped working on the way, and I tried to call you but there was no network. I also forgot to send the report yesterday. I promise to submit it before noon. Please allow me to explain. I look forward to seeing you.*

Ka lura cewa a wurin *forgot* ba jimlar kanta ce ta ba mu amsa ba, jimlar da ke bin ta ce. Haka masu shirya jarrabawa ke yi. Idan suka kawo aikatau na shafi na uku, sukan ɓoye alamar a wani sashe na jimlar. A tambaya irin *I remember ___ the fees, and here is the receipt*, kalmar *receipt* ce ke gaya maka an riga an biya, don haka *paying*. A *Please remember ___ the fees before Friday*, *please* da *before Friday* ne ke nuna biyan na gaba, don haka *to pay*. Kada ka taɓa zaɓa kafin ka karanta jimlar har aya.

Mataki na 10: Duba harrufa kafin ka miƙa

Za ka iya zaɓar *-ing* daidai ka rasa makin a wajen rubuta shi. Idan aikatau ya ƙare da *e* marar sauti, ana jefar da shi: *write* ya koma *writing* da *t* ɗaya, *come* ya koma *coming* da *m* ɗaya. *Writting* da *comming* suna cikin kurakuran da suka fi yawa a takardun ɗalibai. Idan kuwa gajeren aikatau ne da ya ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, ana ninka baƙin, in dai ba *w*, *x* ko *y* ba ne: *stopping*, *getting*, *sitting*, *running*. Dogaye ma haka ne idan nauyin furuci a gaɓar ƙarshe yake, kamar *beginning*, *forgetting* da *regretting*, amma *visiting* da *opening* ba a ninka su saboda nauyinsu a farko yake. Masu ƙarewa da *ie* suna komawa *y*: *lie* ya zama *lying*, *die* ya zama *dying*.

A ɓangaren *to* kuma kuskure ɗaya ne ake yi, wato a sa wa aikatau na biyu alamar lokacin da ya wuce. *He wanted to went* da *She decided to bought* ba su halatta ba. Aikatau na farko ya riga ya ɗauki lokacin, na biyun a tsurarsa yake zama: *He wanted to go*, *She decided to buy*. Idan kuma aikatau biyu ne ke bin na farkon, dole su zo iri ɗaya: *I enjoy reading and writing*, *We plan to buy the land and build on it*.